BABI NA UKU: HANYOYIN GANO ƘA'IDAR JERIN LAMBOBI

3.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai yi bayani ne a kan yadda ake gano ƙa'idar da ke ɓoye a cikin jerin lambobi. Abin da ake nufi da jerin lambobi shi ne lambobin da aka rubuta ɗaya bayan ɗaya, kowace tana da gurbinta, kamar 7, 11, 15, 19, 23. A cikin wannan jeri, 7 ce ke gurbi na ɗaya, 11 tana gurbi na biyu, haka har zuwa 23 da ke gurbi na biyar. Za a riƙa amfani da harafin n a madadin gurbi. Ita kuwa ƙa'ida iri biyu ce. Akwai wadda ke faɗar yadda za a tashi daga lamba zuwa mai bi mata, kamar a ce "a ƙara 4". Akwai kuma wadda ke ba da lambar kowane gurbi kai tsaye ba tare da an bi ta kan na baya ba, wato fomula.

Kalmomi biyu za su yawaita a cikin babin. Ta farko ita ce tazara, wato abin da ya rage idan aka ɗebe lamba daga wadda ke bi mata. Ta biyu ita ce ninki, wato abin da aka samu idan aka raba lamba da wadda ta gabace ta. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, ƙa'idar da aka gano daga 'yan lambobi kaɗan zato ce kawai, kuma ƙarfin wannan zato ya danganta ne ga yawan lambobin da suka rage waɗanda za su ba shi shaida bayan an gina shi.

3.1 Hanyar Tazara

Da wannan hanya ake farawa, domin ko da ba ta warware jerin ba, takan nuna inda ya kamata a nufa. Idan aka ɗauki jerin da aka kawo a sama aka fitar da tazararsa, za a sami 4, 4, 4, 4. Tun da tazarar ba ta canza ba, jerin ɗan'uwan jadawalin sau huɗu ne, wato 4, 8, 12, 16, 20. Idan aka gwama su biyun za a ga kowace lamba ta jerin ta ɗara takwararta da 3. Ke nan fomular ita ce 4n + 3, kuma lambar da ke gurbi na 100 ita ce 403.

Duk da sauƙin wannan, akwai kurakurai biyu da ɗalibi kan faɗa cikinsu. Na farko shi ne ya rubuta n + 4 a matsayin fomula, don ya ga ana ƙara 4. Gwaji ɗaya ya isa ya tona wannan, domin idan aka sa 1 a madadin n za a sami 5, alhali kuwa 7 ce a gurbin farko. Na biyu shi ne ya ce lamba ta ɗari ita ce 7 a ƙara mata 4 sau ɗari, ya sami 407. Ya manta cewa daga gurbi na ɗaya zuwa na ɗari taki casa'in da tara ne, kamar yadda mai kafa turaku ɗari a jere yake da rata casa'in da tara a tsakaninsu.

Inda hanyar ke nuna amfaninta sosai shi ne inda tazarar farko ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A nan sai a ɗauki tazarar a matsayin sabon jeri, ita ma a fitar da tata tazarar. Ga misali:

Jeri: 4, 9, 18, 31, 48
Tazara ta ɗaya: 5, 9, 13, 17
Tazara ta biyu: 4, 4, 4

Sahu na biyu ya daidaita a kan 4. Don samun lamba ta gaba, daga ƙasa ake haurowa. A ƙara 4 a kan 17 a sami 21, sannan a ƙara 21 a kan 48 a sami 69. Idan aka sake, 21 za ta koma 25, ita kuma 69 ta koma 94. Abin lura a nan shi ne, ba a yi komai ba sai tarawa. A kan wannan hikima ce Charles Babbage ya tsara injinsa na lissafi wanda ya gabatar a Ingila a shekarar 1822, domin ƙera injin da zai tara lambobi ya fi sauƙi a kan wanda zai ninka su. Bai kai ga kammala shi ba a rayuwarsa, sai a 1991 Gidan Tarihin Kimiyya na Landan ya harhaɗa sashen lissafi na injin bisa tsari na biyu da ya bari, kuma ya yi aiki.

Sai dai haurowa daga ƙasa ba za ta yi wa mai neman lamba ta ashirin ko ta ɗari daɗi ba, don haka ana bukatar fomula. Mabuɗinta yana cikin jerin 1, 4, 9, 16, 25, wato kowane gurbi sau kansa, n². Tazararsa ta ɗaya ita ce 3, 5, 7, 9, ta biyu kuma 2, 2, 2. Tun da n² guda ɗaya yana haifar da 2 a sahu na biyu, to jerin da ya haifar da 4 yana ɗauke da n² guda biyu. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake raba tazara ta biyu gida biyu, abin da ɗalibai da yawa kan haddace ba tare da sanin mafarinsa ba. Sai a rubuta 2n², wato 2, 8, 18, 32, 50, a ɗebe shi daga jerin gurbi da gurbi. Abin da zai rage shi ne 2, 1, 0, −1, −2. Wannan jeri ne mai sauƙi da ke raguwa da ɗaya-ɗaya, fomularsa kuwa 3 − n. Idan aka haɗa su, fomular jerin ta zama 2n² − n + 3. A gurbi na shida tana ba da 72 − 6 + 3, wato 69, daidai da abin da aka samu ta hanyar tarawa. A gurbi na ashirin kuwa tana ba da 783. Haka abin yake idan sai a sahu na uku tazarar ta daidaita, illa dai a can n³ ake nema, kuma da 6 ake rabawa, saboda tazara ta uku ta 1, 8, 27, 64, 125 ita ce 6.

Akwai wani amfani na jadawalin tazara da ba a cika ambatawa ba, shi ne kama kuskuren ɗab'i ko na kwafa. A ƙaddara an ba ɗalibi jerin nan amma mai buga takarda ya sa 32 a wurin 31. Ga yadda jadawalin zai kasance:

Jeri: 4, 9, 18, 32, 48, 69, 94
Tazara ta ɗaya: 5, 9, 14, 16, 21, 25
Tazara ta biyu: 4, 5, 2, 5, 4

Wanda bai saba ba zai ce jerin ba shi da ƙa'ida, ko ya ci gaba da gangarawa sahu na uku da na huɗu, abin yana ƙara dagulewa. Amma idan aka dubi sahun ƙarshe da kyau za a ga gefe da gefe 4 ne, tsakiyar ce ta kauce: ƙarin 1, ragin 2, ƙarin 1. Wannan tambari na 1, −2, 1 shi ne sawun da kuskure guda ɗaya ke bari a tazara ta biyu. Lambar da ta lalace ita ce wadda ke daidai saitin ragin nan na tsakiya, girman kuskuren kuma shi ne girman ƙarin da ke gefe. Dalili shi ne kowace lamba ta tsakiyar jeri tana shiga cikin tazara biyu, sau ɗaya ana ɗebe wata daga gare ta, sau ɗaya ana ɗebe ta daga wata.

3.2 Hanyar Ninki

Ba kowane jeri ne tazararsa ke daidaita ba, ko da an gangara sahu goma. A ɗauki 2, 6, 18, 54, 162. Tazararsa ta ɗaya ita ce 4, 12, 36, 108, ta biyu kuma 8, 24, 72. Maimakon lambobin su lafa, kowane sahu sai ya fito da kamannin wanda ke samansa. Wannan alama ce cewa ninkawa ake yi, ba tarawa ba. Idan aka raba 6 da 2, aka raba 18 da 6, aka raba 54 da 18, kowane zai ba da 3. Fomular ita ce 2 × 3ⁿ⁻¹, kuma an rage 1 daga n ne saboda dalilin turakun nan da aka ambata, wato lambar farko ba a ninka ta ko sau ɗaya ba. Abin da ya sa tazarar irin wannan jeri ba za ta taɓa daidaita ba a fili yake: idan aka ninka lamba sau uku aka ɗebe ta daga sakamakon, biyunta ne zai rage, don haka sahun tazara jerin ne da kansa an ninka shi biyu. Ninki kuma ba dole ne ya zama cikakkiyar lamba ba. A cikin 81, 54, 36, 24, 16 kowace lamba sulusi biyu ce na wadda ta gabace ta.

Jerin da ya fi ba da wahala shi ne wanda aka ninka sannan aka ƙara masa ko aka rage masa wani abu, kamar 5, 8, 14, 26, 50. Idan aka gwada ninki kai tsaye za a sami 1.6, da 1.75, da kimanin 1.86, da kimanin 1.92. Ba su daidaita ba, amma duk suna rarrafawa zuwa 2, kuma wannan kansa labari ne. Tazarar ce ke fayyace shi, domin 3, 6, 12, 24 ce, kowace ninki biyu na ta baya. Ɗebewa ta share abin da aka ƙara wa jerin, ta bar ninkin a tsirara. Daga nan sai a gwada: biyun 5 shi ne 10, amma 8 aka rubuta, ke nan an rage 2. Biyun 8 a rage 2 ya ba da 14, biyun 14 a rage 2 ya ba da 26, haka ma 50. Lamba ta gaba ita ce 98, fomular kuwa 3 × 2ⁿ⁻¹ + 2.

Wani jeri da ke nuna irin wannan hali ta wata fuska shi ne 1, 1, 2, 3, 5, 8, 13, 21, wanda ake dangantawa da Leonardo na Pisa, da aka fi sani da Fibonacci, saboda ya zo a littafinsa na lissafi na shekarar 1202, ko da yake masanan Indiya sun riga shi saninsa. Tazararsa ita ce 0, 1, 1, 2, 3, 5, 8, wato jerin ne ya sake dawowa amma ya ja da baya. Duk inda aka ga haka, ana samun kowace lamba ne ta hanyar tara na bayanta. Ninkinsa yana kusantar 1.618 ba tare da ya zauna a kai ba.

3.3 Karɓa-karɓa da Saƙaƙƙen Jeri

An haɗa waɗannan biyu a wuri ɗaya ne saboda alamarsu ɗaya ce a jadawalin tazara, maganinsu kuma kusan ɗaya ne. Alamar ita ce tazarar ta riƙa tsalle, babba da ƙarama, ko ƙari da ragi, bi da bi.

Misalin karɓa-karɓa da kowa ya sani yana cikin kalandar Hijira ta lissafi, inda ake ba Muharram kwana 30, Safar 29, Rabi'ul Awwal 30, haka har ƙarshen shekara. Idan aka rubuta jimillar kwanakin da suka wuce a ƙarshen kowane wata za a sami 30, 59, 89, 118, 148, 177, har zuwa 354. Tazarar ita ce 29, 30, 29, 30, 29, tazara ta biyu kuma 1, −1, 1, −1. Idan aka ci gaba da gangarawa za a sami −2, 2, −2, wato abin girma yake yi. A nan ba gangarawa ake bukata ba, tsallake ake bukata. A ɗauki gurabun mara kaɗai, na ɗaya da na uku da na biyar, a sami 30, 89, 148. A ɗauki gurabun cika, a sami 59, 118, 177. Kowanne yana ƙaruwa da 59, wato watanni biyu a haɗe. Da wannan za a iya cewa Ramalana, wata na tara, wanda shi ne na biyar a cikin watannin mara, yana ƙarewa a rana ta 30 + (59 × 4), wato ta 266. Amma wannan a takarda ne kawai. A aikace ganin wata ake bi, kuma watanni biyu masu kwana 30 ko masu 29 suna iya zuwa a jere. Ita kanta kalandar lissafin tana karya karɓa-karɓar, domin a cikin kowace shekara talatin akwai goma sha ɗaya da ake ƙara wa Zulhajji kwana ɗaya, shekarar ta zama kwana 355. Wanda ya ga lambobi goma sha biyu na shekara ɗaya kawai ba shi da hanyar sanin wannan.

Wani lokaci kuma ayyuka biyu ne mabambanta ke karɓa-karɓa, kamar a cikin 2, 5, 10, 13, 26, 29, 58. Tazarar ita ce 3, 5, 3, 13, 3, 29. Ukun da ke dawowa bayan kowane tsallake ta bayyana kanta. Sauran kuwa, wato 5, 13, 29, idan aka lura za a ga su ne ainihin lambobin da aka taso daga kansu, kuma ƙara wa lamba kanta shi ne ninka ta biyu. Ƙa'idar ke nan: a ƙara 3, a ninka biyu, a ƙara 3, a ninka biyu. Masu biyowa su ne 61 da 122. Idan kuwa alamar lambobin ce ke juyawa, kamar 3, −6, 12, −24, 48, to ninki ne na ƙasa da sifiri, a nan −2, kuma babu bukatar raba jerin.

Saƙaƙƙen jeri ya bambanta da waɗannan ta fuska ɗaya. A karɓa-karɓa, kowace lamba daga maƙwabciyarta ta fito. A saƙaƙƙen jeri kuwa, jeri biyu ne da ba ruwan wani da wani aka sarƙa su, kamar yadda masaƙi ke jera baƙin zare da fari. Misali, 2, 40, 5, 36, 8, 32, 11, 28. Tazararsa, 38, −35, 31, −28, 24, −21, 17, ba ta da wani amfani illa ta nuna cewa a warware zaren. Gurabun mara suna ɗauke da 2, 5, 8, 11, masu ƙaruwa da 3. Gurabun cika suna ɗauke da 40, 36, 32, 28, masu raguwa da 4.

Wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne idan aka nemi lambar gurbi mai nisa, domin yanzu gurbi iri biyu ne, na babban jeri da na zaren da aka ware. Idan k ce gurbi a cikin zare, fomular zaren farko ita ce 3k − 1, ta na biyu kuma 44 − 4k. Gurbi na 25 mara ne, saboda haka na zaren farko ne, kuma matsayinsa a can shi ne rabin 26, wato 13. Amsar ita ce 38. Wanda ya sa 25 kai tsaye a cikin fomular zai sami 74, ya kuma tafi yana ganin ya yi daidai. Gurbi na 30 cika ne, shi ne na 15 a zare na biyu, amsarsa −16.

Bai kamata a ɗauka cewa saƙaƙƙen jeri kullum hawa da sauka yake yi ba. A dubi 1, 2, 4, 4, 7, 8, 10, 16. Babu inda ya sauka, kuma farkonsa yana yaudara, domin 1, 2, 4 suna kama da ninki. Tazararsa ita ce 1, 2, 0, 3, 1, 2, 6, ba tsari. Sai an ware shi za a ga 1, 4, 7, 10 a gefe ɗaya da 2, 4, 8, 16 a ɗaya gefen, kuma lamba ta gaba 13 ce, ƙasa da wadda ta gabace ta. Saboda haka idan tazara da ninki duk sun gaza, kuma jerin yana da ɗan tsawo, ya kamata a gwada warewa ko da ba a ga tsalle ba. Idan biyu ba ta yi ba a gwada uku. Sai dai warewa tana da tsada, domin tana raba shaidu. Jeri mai lambobi shida idan aka ware shi biyu, kowane zare uku zai samu, uku kuwa tazara biyu kawai suke bayarwa. Idan aka ware shi uku, kowane zare lambobi biyu ne, kuma duk wasu lambobi biyu a duniya ana iya cewa suna da tazara ko ninki. A wannan hali ba a gano komai ba.

3.4 Iyakar Waɗannan Hanyoyi

Batun shaidu shi ne ginshiƙin al'amarin, don haka yana bukatar a tsaya a kansa. Fomular 2n² − n + 3 tana da adadi uku da aka nemo, wato 2 da −1 da 3. Lambobi uku na farkon jerin sun isa su ba da su. Ke nan 31 da 48 ne kaɗai shaidun da ba su da hannu a ginin, kuma amincewarsu ce ta ba fomular daraja. Da a ce lambobi uku kawai aka bayar, 4, 9, 18, tazara ta biyu za ta kasance 4 guda ɗaya tak, kuma lamba ɗaya ba ta da wadda za ta saɓa wa. Duk jeri mai lambobi biyar, ko da ka aka zaɓo su, idan aka gangara sahu na huɗu lamba ɗaya za ta rage, kuma ana iya kiran ta daidaitacciya a gina fomula a kanta. Irin wannan fomula za ta dace da lambobin biyar ɗin, amma ba ta san komai game da ta shida ba.

Har ma ana iya ƙera fomular da za ta ba da kowace amsa ake so. Kowa zai ce bayan 2, 4, 6 sai 8. Amma fomular 2n + (n − 1)(n − 2)(n − 3) ita ma tana ba da 2, 4, 6, domin kashinta na biyu sifiri ne a gurabu uku na farko, sannan a gurbi na huɗu ta ba da 14. A fagen jarrabawa 8 ake karɓa, kuma hakan daidai ne, saboda ana nufin ƙa'ida mafi sauƙi. Amma ya kamata malami ya san cewa wannan yarjejeniya ce tsakanin mai tambaya da mai amsa, ba hujjar lissafi ba ce.

Ana iya cewa misalin da ya gabata ƙirƙirarre ne don neman rigima. Wanda zai biyo baya kuwa daga zane na haƙiƙa ya fito, kuma ana danganta shi da Leo Moser, wanda ya yi rubutu a kansa a 1949. A zana da'ira, a sa ɗigogi a bakinta, a haɗa kowane ɗigo da kowane da miƙaƙƙen layi, sannan a ƙirga yankunan da cikin da'irar ya rabu. Ɗigo ɗaya bai raba komai ba, yanki 1. Biyu sun ba da 2, uku sun ba da 4, huɗu sun ba da 8, biyar sun ba da 16. Ninkin 2 ne har sau huɗu a jere, wato bayan an gina ƙa'idar da lambobi biyu na farko akwai shaidu uku da suka amince da ita. Duk da haka, iyakar abin da ɗigo shida suke bayarwa 31 ne, ba sa kai 32 komai yadda aka jera su. Hasali ma idan aka jera su da rata daidai wa daida 30 za a samu, saboda layuka uku za su haɗu a tsakiyar da'irar su shafe ɗan ƙaramin yankin da ya kamata ya kasance a wurin. Shi ya sa ake gindaya sharaɗin kada layuka uku su haɗu a wuri ɗaya a cikin da'irar.

Idan aka ci gaba da ƙirga, jerin da jadawalinsa za su kasance kamar haka:

Jeri: 1, 2, 4, 8, 16, 31, 57, 99
Tazara ta ɗaya: 1, 2, 4, 8, 15, 26, 42
Tazara ta biyu: 1, 2, 4, 7, 11, 16
Tazara ta uku: 1, 2, 3, 4, 5
Tazara ta huɗu: 1, 1, 1, 1

Ashe jerin ba na ninki ba ne tun asali, na tazara ne mai daidaita a sahu na huɗu. Da lambobi biyar na farko kawai, sahun nan na huɗu 1 guda ɗaya zai ƙunsa, kuma babu mai hankalin da zai fifita ta a kan ninki biyu da yake gani ƙuru-ƙuru. Wato a wannan mataki amsa mafi sauƙi ita ce kuskure, kuma lambobin kansu ba su da yadda za su yi gargaɗi.

Abin da ke raba gardama shi ne a koma wa zanen a tambayi daga ina yankunan suke fitowa. Da'irar ta fara da yanki ɗaya. Duk sabon layin da aka ja, idan bai gitta wani ba, yanki ɗaya yake rabawa biyu, ya ƙara 1. Idan ya gitta wasu layuka, kowace mahaɗa tana shigar da shi wani sabon yanki da zai raba, ta ƙara wani 1. Saboda haka yawan yankuna shi ne 1, a tara da yawan layuka, a tara da yawan mahaɗu. Kowane layi ɗigo biyu ne suka haife shi, kowace mahaɗa kuma ɗigo huɗu ne, domin duk ɗigo huɗu da aka zaɓa a bakin da'ira layukansu sau ɗaya tak suke gittawa a ciki. Ke nan yawan layuka shi ne n(n − 1)/2, yawan mahaɗu kuma n(n − 1)(n − 2)(n − 3)/24. Kashi huɗun da aka ninka a fomula ta biyu su ne suka sa sai a sahu na huɗu tazarar ta daidaita.

A ɗigo biyar akwai layi 10 da mahaɗa 5, da ɗayan farko sun zama 16. A ɗigo shida akwai layi 15 da mahaɗa 15, sun zama 31. A ɗigo bakwai, 21 da 35 da 1 sun ba da 57. Wannan karon ba a dogara ga dacewar lambobi ba, an san dalilin kowane kashi na fomular, don haka ana iya amincewa da ita a kowane gurbi ba tare da an zana ba. A ɗigo goma tana ba da 45 da 210 da 1, wato 256, wadda ita ma tana cikin jerin ninkin biyu, sai dai a can gurbi na tara take zaune, domin ƙa'idar ninki 512 ta yi hasashe a gurbi na goma.